Mai wuƙa ko mai haƙora? Ga wanda kuɗinsa ba su da yawa

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Tun da jarrabawa ta matso mutum uku sun yi min tambaya iri ɗaya, wato wane injin niƙa gahawa ya kamata su saya. Na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya, kowa ya ɗauki abin da ya dace da aljihunsa. Zan riƙa cewa gahawa maimakon kofi, don kada mu rikice tsakanin abin sha da kofin da ake zuba shi a ciki.

Da farko dai, in Naskafe kake sha, wannan maganar ba ta shafe ka ba tukuna. Shi an riga an dafa shi a masana'anta an busar, narkewa kawai yake yi a ruwa, babu abin niƙawa. Maganar ta waɗanda suka fara sayen ƙwayar gahawa gasasshiya ce, ko waɗanda ake kawo musu tsaraba. Ni ta nan na shiga harkar. Ina da aboki ɗan Gembu, kuma kun san tsaunin Mambila a Taraba ana noma gahawa da ganyen shayi. Duk dawowarsa daga hutu sai ya zo da 'yar leda. Ƙwaya kuwa ba ta shiga ruwa haka nan, sai an farfasa ta. A nan tambayar take tasowa.

Injin iri biyu ne a kasuwa. Na farko mai wuƙa ne. Ɗan ƙaramin bilenda ne, da wuƙa mai fiffike biyu a ƙasa, ka zuba ƙwaya, ka rufe, ka danna, ta yi ta sara. Na biyu mai haƙora ne, kuma duk wanda aka taɓa aike kai niƙa ya san irinsa. Injin unguwarku da ke niƙa masara ba sara yake yi ba. Ƙarfe biyu ne masu haƙora suke fuskantar juna, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, hatsi yana bi ta tsakaninsu. In kin ce ɓarza kike so, mai inji ya sassauta. In gari ne, ya ɗaure. Na gahawa ma haka yake, ƙarami ne kawai, kuma mai arha daga cikinsu da hannu ake juya shi. In za ka nema a waya, abin da za ka rubuta shi ne `blade grinder` ga na farko, `manual burr grinder` ga na biyu.

Bambancin duka a wuri ɗaya yake: a mai haƙora, gutsure ba ya faɗowa ƙasa sai ya yi ƙanƙantar da zai wuce ta tazarar da ka saita, kuma da ya wuce shi ke nan, ya fita, ba a sake taɓa shi. A mai wuƙa babu ƙofar fita. Wanda wuƙa ta sama sau hamsin da wanda ta sama sau uku duk suna cikin kwano ɗaya har ka ɗaga yatsa. Shi ya sa in ka buɗe murfi za ka tarar da gari mai laushi kamar hoda ya manne a gefe, a sama kuma ga gutsattsari kamar tsakin masara. In ka ƙara lokaci don manyan su farfashe, ƙananan su ƙara zama ƙura. In ka rage lokaci, manyan su yi yawa. Lokaci ne kaɗai abin da kake iya juyawa, shi kuma ba ya gyara duka biyun tare.

To me ya sa wannan zai dame ka? Ka tuna da dafa wake da shinkafa a tukunya ɗaya. In ka zuba su lokaci guda, kafin wake ya nuna shinkafa ta caɓe. Abin da ke faruwa a cikin kofinka ke nan. Ruwan zafi yana jawo ɗanɗano daga cikin garin, kuma ba lokaci ɗaya komai ke fitowa ba. Tsami ne ke saurin fitowa, sai zaƙi da ƙamshi su biyo, ɗaci da bauri kuma su fi yawa in aka daɗe. Ƙurar nan mai laushi nan da nan ruwa yake ratsa ta, ta ba da duk abin da ke cikinta har da ɗacin. Babban gutsure kuma bayansa kawai ruwa ya taɓa, cikinsa bai ba da komai ba sai ɗan tsami. Sai ka kurɓa ka ji ɗaci da tsami a tare, ga shi kuma salam kamar an tsinka da ruwa. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci cewa gahawa ba ta da daɗi sai an cika mata sukari da madara, alhali niƙan ne bai daidaita ba.

Masu sana'ar suna da ma'auni a kan wannan. Kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin ƙwayar ne ruwa ke iya narkarwa, amma abin da ake so ya shiga kofi shi ne tsakanin kashi 18 zuwa 22. Ƙasa da haka tsami, sama da haka ɗaci. Ba sai ka haddace ba. Abin lura kawai shi ne tazarar ba ta da faɗi, kuma garin da girmansa ya zo kusan ɗaya ya fi sauƙin faɗawa cikinta gaba ɗaya.

Za ka iya gani da idonka ba sai an ba ka labari ba. Ɗauki farar takarda, irin wadda muke buga aikin gida a kai, ka zuba rabin cokali na abin da injin ya niƙa, ka baza da yatsa. Na yi wannan da injin abokin ɗakina, wani Bayarabe da ke niƙa agushi da barkono da nasa mai wuƙa, muka goge shi tas muka gwada. A takardarsa akwai iri uku a fili: ƙura da ta ɓata takardar, matsakaita, da manya da har za ka iya ƙirga su. A tawa, ta mai haƙora, mafi yawa sun zo kamar yashi mai ɗan kauri, da 'yar ƙura kaɗan. Ita ƙurar ba ta ƙarewa gaba ɗaya ko a inji mai tsada, don ƙwaya gasasshiya fashewa take yi kamar ƙuli-ƙuli. Yawanta ne ke bambanta.

In aka tsaya a nan sai a ce kowa ya sayi mai haƙora a huta. Amma maganar ba ta ƙare ba, don abu biyu ne ke yanke hukuncin gaskiya: yadda kake dafa gahawarka, da kuma wane irin mai haƙora kuɗinka zai iya kawowa.

Mu fara da dafuwa. In kai mai gahawar tukunya ne, wato ka zuba gari a ruwa da citta da kanumfari ka tafasa, ka bari ya kwanta ka tsiyaye, mai wuƙa ya ishe ka. Irin wannan dafuwar gari mai laushi take so, kuma laushi shi ne abu ɗaya da mai wuƙa ya iya in ka ba shi lokaci. Ban da haka, ƙarfin citta da sukari suna rufe ɗan bambancin da ya rage. 'Yan uwanmu na Sudan ma a turmi suke daka gahawarsu ta jabana, kuma ba wanda ya sha ya raina. Saboda haka in ɗakinku akwai ƙaramin turmi mai tsabta da bai sha daddawa ba, kana iya fara wannan dafuwar ba ka kashe ko sisi ba. Ƙarin riba, mai wuƙa zai niƙa maka busasshiyar citta da sauran kayan ƙamshi. Mai haƙora kuwa kada ka kuskura ka zuba masa su. Man kanumfari yana kama haƙoran, warin ya zauna, busasshiyar citta kuma da taurinta da zarenta tana cushe shi.

In kuma jiƙawa kake yi, wato ka zuba gari a ruwan zafi ya yi minti 4 sannan ka tace, ko da gilashin nan mai murfin dannawa da ake rubuta wa `French press`, ko da kofi da rariya kawai, to kana tsakiya. Wannan hanyar tana da haƙuri, don duk garin yana zaune cikin ruwa ɗaya na lokaci ɗaya. Mai wuƙa zai yi, sai dai za ka riƙa samun laka a gindin kofi, don ƙurar tana wucewa ta ragar ƙarfe.

Inda mai wuƙa ke kunyata mutum shi ne tacewa da takarda, inda ake ɗora mazurari a kan kofi a riƙa zuba ruwa a hankali yana ɗiga. A nan garin da kansa ne ke tsayar da gudun ruwa. Ƙura tana gangarawa ƙasa ta toshe ramukan takardar, ruwa ya tsaya cak kamar kwata a damina. Abin da ya kamata ya ƙare cikin kamar minti 3 sai ya kai 5 ko 6, kuma duk tsawon lokacin nan ɗaci yake jawowa. Gobe kuma ka niƙa da injin nan dai, ka ga ya zube cikin minti 2, don yau yatsanka ya ɗaga da wuri. Ba za ka taɓa sanin abin da za ka gyara ba, tunda kullum garin daban yake fitowa. Ga wanda yake koyo, wannan ya fi ɗacin ciwo.

Sai maganar wuta, wadda mu ɗalibai ba ma iya tsallake ta. Mai wuƙa lantarki yake so. Lokacin da ka fi buƙatar gahawa kuwa, ƙarfe 4 na asuba ana saura kwana biyu jarrabawa, shi ne lokacin da ba ka da tabbas ɗin wuta. In ma akwai ta, ƙarar injin nan a ɗaki mai mutum huɗu faɗa ce. Na hannu ba ruwansa da soket, ƙararsa ba ta wuce ta ɓarzar gyaɗa ba, kuma yana shiga jaka ka tafi da shi gida hutu. Kada ka ce za ka niƙa na mako guda ranar da aka kawo wuta. Amfanin mallakar injin tun farko shi ne ka niƙa lokacin da za ka sha. Ƙwaya a rufe tana riƙe ƙamshinta makonni, amma da an farfasa ta iska ta samu hanya, ƙamshin ya fara gudu tun ranar. A garin da ke da laima kamar Ibadan abin ya fi sauri, garin har dunƙulewa yake yi.

Yanzu mu zo kan masu haƙoran, don nan ne ake cin kuɗin mutane. Ba duk abin da aka rubuta wa `burr` ne ya cancanci kuɗinka ba. Na hannu masu arha yawanci haƙoransu na tangaran ne, fari ko ruwan toka. Tangaran ba ya tsatsa, ana iya wanke shi da ruwa, amma bakinsa ba kaifi sosai, murƙushewa yake yi fiye da yanka. Giram 15 zai iya cin minti 2 kana juyawa, in ƙwayar ba ta gasu sosai ba ma ya fi haka, don mara gashi sosai ta fi tauri. Babbar matsalarsu kuma ba a tangaran ɗin take ba, a sandar tsakiya take. A yawancinsu sandar a sama kawai aka riƙe ta, ƙasan yana lilo. In kana juyawa sai haƙorin ciki ya karkata gefe, tazara ta buɗe a nan ta matse a can. Sakamakon ya fi na mai wuƙa, amma in ka saita shi a ɓarza za ka ga manya da ƙanana sun cakuɗe. A niƙa mai ɗan laushi ya fi daidaita.

Na sama da su masu haƙoran ƙarfe ne, da boris biyu da ke riƙe sandar sama da ƙasa. Waɗannan yanka suke yi, giram 15 ba ya kai minti ɗaya, hannu ba ya gajiya, garin kuma ya fito daidai. Kuɗinsu kan ninka na tangaran sau biyu ko uku. In za ka saya a shago, ga gwajin da ba ya cin ko minti ɗaya: cire kofin ƙasa, ka sassauta saitin kaɗan, ka kama haƙorin ciki da yatsa biyu ka girgiza shi gefe da gefe. In yana kaɗawa sosai kamar haƙorin yaro mai shirin faɗuwa, ka san abin da za ka samu. In ya tsaya daram, ko motsin kaɗan ne, to ka samu na kirki. In a waya za ka saya, ka nemi hoton cikinsa, ka duba ko an rubuta `stainless steel burr` da `dual bearing`. Ka lura da kyau, wasu jikin injin ne na ƙarfe, haƙoran na tangaran, sai su rubuta ƙarfe da manyan baƙaƙe.

Wanda zan ce ka guje masa shi ne mai haƙora na lantarki mai arhar banza. Inji mai mota da haƙora na gaske ba ya zuwa a farashin ɗalibi. Masu arhar nan in ka buɗe za ka ga faifai biyu masu 'yan ƙulle-ƙulle marasa kaifi, suna juyawa da gudu suna farfasa ƙwaya da duka. Sun haɗa maka ƙurar mai wuƙa da ƙara da buƙatar wuta, ga tsada a kai. A na hannu duk kuɗinka a haƙora da sanda suke tafiya. A na lantarki mai arha, mota da roba sun cinye rabin.

Bari mu yi lissafi, don a nan ne mai ƙaramin ƙarfi zai ga inda kuɗinsa ke zuwa. Ba zan kawo farashi ba, don kafin ka gama karanta wannan ya canza. Da giram za mu yi. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 60 na gahawa a lita ɗaya ta ruwa, wato giram 15 a kofi mai mililita 250. Leda mai giram 250 za ta ba ka kofi 16 da ɗan saura. In da mai wuƙa kake aiki kuma kana son kofi mai kyau, dole ka raba ƙurar ka zubar. Da muka auna da ɗan sikelin kicin, sai da muka niƙa giram 17 kafin mu samu 15 masu amfani. A haka ledar nan kofi 14 za ta ba ka. In kana shan kofi ɗaya kullum na wata 4, wato kofi 120, mai haƙora zai ci giram 1,800, mai wuƙa ya ci 2,040. Bambancin giram 240 ne, kusan leda guda a zangon karatu ɗaya. Yanzu kai ka duba kuɗin leda ɗaya a inda kake saye, ka duba ratar da ke tsakanin injinan biyu. In ratar kuɗin leda biyu ce, cikin shekara ɗaya ta karatu mai haƙora ya biya kansa. In kuwa sau biyu a mako kake sha, ko kuma a tukunya kake tafasawa ba ka zubar da komai, lissafin bai goyi bayan ƙarin kuɗin ba.

To a ce mai wuƙa ne a hannunka, ko shi kaɗai kuɗinka suka kai. Ba asara ka yi ba, akwai yadda ake lallaɓa shi. Kada ka danna ka riƙe. Ka danna na sakan 2 ko 3, ka saki, ka ɗaga injin da hannu biyu kana riƙe da murfi ka girgiza, ka sake dannawa. Girgizar tana sauko da manyan kan wuƙa, tana kuma ɓamɓare ƙurar da ta manne a gefe. Ka riƙa ƙirga sau nawa ka danna, kuma kullum ka zuba adadin ƙwaya iri ɗaya, don ƙirgar nan ita ce saitinka. Bayan kamar sau 8 sai ka juye a rariya mai ɗan faɗin ido ka tankaɗe. Abin da ya ƙi wucewa ka mayar cikin injin ka ƙara masa sau 2 ko 3. Wanda ya wuce kuma ka baza shi a kan busasshiyar takardar goge hannu, ka shafa da yatsa, ka karkato takardar ka zubo shi. Za ka ga ƙurar ta maƙale a jikin takardar, matsakaitan sun gangaro. Da wannan garin ka yi jiƙo na minti 4, ba tacewar mazurari ba. Wallahi in ka yi haka, wanda ya sha ba zai ce da bilenda aka niƙa ba. Kuɗin da ka biya shi ne lokaci da giram 2 ɗin nan. Abu ɗaya kawai, in injin na barkono ne kamar na abokin ɗakina, ka fara niƙa ɗan cokalin shinkafa a ciki ka zubar ka goge, in ba haka ba gahawarka za ta zo da yaji.

In kuma ka sayi mai haƙora, aikin farko shi ne gano saitinka, kuma nan ne za ka ga amfanin kuɗin. A ƙasan haƙorin akwai ɗan abin murɗawa da ke yin ƙas-ƙas. Ka ɗaure shi a hankali har mariƙin ya daina juyawa da kansa, nan ne sifili. Kada ka juya mariƙi da ƙarfi a wannan matsayin, haƙoran suna gugar juna. Daga nan ka riƙa sassautawa kana ƙirga ƙas ɗin. Adadin ya bambanta daga inji zuwa inji, saboda haka lambobin da zan faɗa na nawa ne, hanyar ce taka.

Ga yadda na gano nawa da ƙwayar Mambila, a mazurari da takarda. Giram 15, ruwa mililita 250, na tafasa na bar shi ya huce kamar rabin minti. Rana ta farko na sa a 20. Ruwa ya zube cikin minti 2, launin ya fito fari-fari, a baki kuma tsami kamar an ɗiga tsamiya, da ka haɗiye babu abin da ya rage a harshe. Wannan alamar garin ya yi kauri ne, ruwa ya wuce bai ɗauko komai ba. Rana ta biyu na sa a 14. Ya haura minti 4, saman garin ya zama kamar taɓo, ɗanɗanon kuma ɗaci da bauri mai busar da harshe irin na goro. Wannan ya yi laushi da yawa. Tunda na san amsar tana tsakanin 14 da 20, rana ta uku na sa a 17. Minti 3 da 'yan sakanni, tsamin ya koma ɗan kaɗan mai daɗi, ga wani zaƙi-zaƙi ba tare da sukari ba. Na rubuta 17 a jikin ledar, daga nan kullum abin da nake samu ke nan har ta ƙare.

Ka lura cikin kwana ukun nan abu ɗaya kawai na riƙa canzawa. Nauyin gahawa, yawan ruwa da zafinsa duk suna nan yadda suke. Ƙa'idar gajeriya ce: in ka ji tsami da salam, ƙara laushi, in ka ji ɗaci da bauri, ƙara kauri. In ka sayi sabuwar leda sai ka ɗan sake gwadawa, don wadda aka gasa ta yi baƙi ta fi saurin ba da ɗaci, tana son ka sassauta ƙas ɗaya ko biyu. Wannan gwajin shi ne abin da mai wuƙa ba zai ba ka dama ka yi ba, kuma shi ne ainihin abin da kake saye.

Kaɗan game da kula da shi, don kuɗin ba na zubarwa ba ne. In ƙwayarka daga gona ta zo, ba daga kamfani ba, ka tsince ta a faranti kamar yadda ake tsince shinkafar gida. Ɗan dutse ɗaya yana iya fasa haƙorin tangaran, ya kuma dakushe na ƙarfe. Na ƙarfe ba a wanke shi da ruwa, musamman a wannan laimar, tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa, sau ɗaya a mako. In ka tafi da shi gida lokacin hunturu za ka ga gari yana mannewa a jikin kofin yana tashi sama, saboda bushewar iska. Ka jiƙa bakin cokali da ɗigon ruwa ɗaya ka juya ƙwayar da shi kafin ka niƙa, abin zai lafa. Kuma ka hana 'yan ɗaki zuba masa barkono tun ranar farko, da murmushi amma da gaske.

Da wani ƙanena a sashenmu ya tambaye ni, cewa ya yi, "Yaya, ni dai faɗa min ɗaya kawai, kuɗin da Baba ya turo ba su da yawa." Na tambaye shi yadda yake dafawa, ya ce a tukunya da citta, kamar yadda ake yi a gidansu. Na ce masa ya sayi mai wuƙa ko ya nemi turmi, ragowar kuɗin ya sayi ƙwaya mai kyau. Wata 'yar ajinmu kuma da aka ba ta kyautar mazurari da takardu, tana sha kullum da asuba, ita na ce mata ta ƙara haƙurin wata ɗaya ko biyu ta tara na mai haƙoran ƙarfe, kafin nan ta riƙa kawo ƙwayarta ana niƙa mata na kwana biyu-biyu. Na tangaran kuwa na wanda yake son ya rabu da matsalar wuta yau-yau ne, kuma bai damu da juya hannu na minti 2 ba. Zai yi masa aiki, musamman in ya tsaya a matsakaicin niƙa.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya zuba duk kuɗinsa a inji ya rasa na ƙwaya. Inji ba ya ƙara wa gahawa abin da babu a cikinta. Ƙwayar da ta shekara a kanta, ko wadda aka ƙona wajen gashi, ko da wane inji ka niƙa ta ɗaci za ta ba ka. In ka ga leda da ranar gashi a jiki, ka fifita ta a kan wadda ranar lalacewa kawai aka rubuta. Kuma in ɗakinku ku uku ne masu sha, ku haɗa kuɗi ku sayi na ƙarfe guda ɗaya, ku yi yarjejeniya tun yanzu a kan wanda zai tafi da shi ranar da aka gama makaranta, ya biya sauran kasonsu.

Wanda yake kusa kuma yana son ya ga gwajin farar takardar nan da idonsa kafin ya fitar da kuɗi, ya zo da ƙwayarsa ranar Asabar da yamma, injin yana nan. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mai da mu gida lafiya.